Muryar da Aka Sake Ɗauka: Yadda Ake Ɗinke Ta Cikin Fim Ba Tare da Kunne Ya Gane Ba

Mai kallon fim yakan yafe hoton da ya ɗan yi duhu, amma da wuya ya yafe maganar da ba ya ji. Masu shirya fim a Kano da Kaduna da Jos sun san wannan sarai, domin kusan duk inda suka kafa kyamara akwai abin da ke jiran ya ɓata musu sauti: janaretan maƙwabta, adaidaita sahu, injin markaɗe, iskar hunturu da ke bugun makirufo, ko yaran unguwa da suka taru kallo. Sai an koma ɗakin tacewa ake gane cewa jimlar da labarin ya dogara a kanta ta nutse cikin ƙara. Komawa lokeshin kuwa na nufin sake tara 'yan wasa da kaya da kuɗi. Abin da ya rage shi ne a kira ɗan wasan ya sake faɗin maganarsa a wuri mai shiru, a cire tsohuwar, a dasa sabuwar a gurbinta. A manhajojin tace sauti ana rubuta sunan wannan aiki da haruffa uku, ADR.

Dabarar ta daɗe. A zamanin fim na faifai, akan yanko guntun da ke ɗauke da jimlar, a haɗa bakinsa da ƙarshensa ya zama zobe, a sa shi a na'ura yana ta zagayawa, ɗan wasa na kallo yana maimaitawa har bakinsa ya dace. Masana'antar Italiya ta shafe shekaru tana ɗaukar hoto kawai, muryoyi sai daga baya, kuma haka aka yi The Good, the Bad and the Ugly na Sergio Leone a 1966, inda 'yan wasa daga ƙasashe daban-daban kowa ya yi magana da harshensa a gaban kyamara. Finafinan Indiya da iyayenmu suka kalla a silima ma galibinsu haka aka yi su, saboda kyamarorin lokacin suna da ƙara. Shi ya sa da Lagaan ya fito a 2001 da muryoyin da aka ɗauka a wurin wasa, aka yi ta maganarsa. Kunnen Bahaushe ya saba da ɗora murya, daga waƙoƙin fim da 'yan wasa ke bi da baki zuwa finafinan Indiya da ake fassarawa. Sai dai waɗannan duka mai kallo ya san ɗorawa aka yi, ya kuma amince. Aikin da muke magana a kai ya fi su wuya: jimla ɗaya ko biyu za a sauya a tsakiyar hirar da sauranta na asali ne, kuma ba a so kowa ya gane.

Mu ɗauki misali guda mu bi shi daga farko. Fitowa ce a falon siminti mai tayil, uba na zaune a kujera, 'yarsa na durƙushe a gefe. An fara ɗaukar ɓangaren uban lafiya lau. Da aka juya kyamara kan 'yar, sai maƙwabci ya tayar da janareta a bayan taga. Jimlarta ita ce: "Baba, ba ni na sayar da filin Malam ba." Hoton ya yi kyau, idonta ya kawo ruwa daidai lokacin da ake so, amma muryar tana cikin rurin inji.

Mai aikin sauti da ya san abin da yake yi ba ya gaggawar kiran 'yar wasa. Yakan fara duba sauran ɗaukan da aka yi na wannan fitowa, domin sau da yawa an faɗi jimlar nan a hoto mai faɗi kafin janareta ya tashi, kuma ana iya aro muryar daga can a ɗora wa hoton kusa. Wannan ya fi komai, tunda makirufo ɗaya ne, ɗaki ɗaya, yini ɗaya. Idan babu, sai ya gwada tace ƙarar. Gunjin wutar lantarki a Najeriya da Nijar yana zaune a 50 Hz da ninkinsa, wato 100 da 150 da sauransu, kuma irin wannan ƙara mai tsayawa wuri guda ana iya yanke ta da matattara siririya. Rurin injin janareta kuwa ya bazu ko'ina, har cikin yankin da muryar mutum take, yana kuma hawa da sauka gwargwadon nauyin da aka ɗora masa. In aka matsa wajen cire shi, murya takan koma kamar ta mai magana a ƙarƙashin ruwa. Da zarar an ji wannan, an kai iyakar tacewa, sai sake ɗauka.

A ranar sake ɗaukar, kuskuren da aka fi yi yana faruwa tun kafin 'yar wasa ta buɗe baki. Sitidiyon waƙa ake samu cikin sauƙi, sai a tsayar da ita gaban babban makirufon mawaƙa, bakinta kusan taƙi ɗaya daga gare shi. Muryar za ta fito da kauri da daɗi kamar ta mai gabatar da shiri a rediyo, kuma wannan daɗin ne zai tona asiri. Makirufo mai fuskantar gefe guda yana ƙara wa murya kauri idan aka matso shi sosai, alhali a lokeshin doguwar sanda ce ke riƙe da makirufo a saman kanta, wajen rabin mita zuwa mita ɗaya. Ƙa'idar ita ce a maimaita abin da aka yi a ranar farko: irin makirufon da aka yi amfani da shi, in da hali shi kansa, a irin nisan, daga sama yana kallon bakinta. Idan ƙaramin makirufon da ake maƙalawa a ƙirji aka yi aiki da shi a ƙarƙashin mayafi, to a sake maƙala shi a ƙarƙashin mayafi. Masu hankali sukan ɗauka da duka biyun a lokaci guda, kowanne a layinsa, su zaɓa daga baya. Wurin ɗaukar kuma ya zama marar amsa-kuwwa, ko da da barguna da katifu za a kashe shi, domin ana iya ƙara wa murya amon ɗaki daga baya, amma cire shi bayan ya shiga abu ne mai wahalar gaske. Na'urar ɗauka a sa ta a 48 kHz, ma'aunin da aikin bidiyo ke tafiya a kai. Sitidiyon waƙa sun saba da 44.1 kHz, kuma idan manhaja ta karanta wannan a matsayin wancan ba tare da ta juya shi ba, muryar za ta yi sauri da kusan kashi tara cikin ɗari, ta kuma siranta.

Jikin 'yar wasa ma yana cikin lissafi. Wadda ta faɗi magana a durƙushe, kai a sunkuye, numfashinta da muryarta ba za su zama ɗaya da na wadda ke tsaye a miƙe ba. A sa ta durƙusa. Akwai kuma abin da likitan nan Bafaranshe Étienne Lombard ya bayyana a 1911: mutum na ɗaga murya ba da saninsa ba idan yana cikin hayaniya, kuma ba ƙarfi kaɗai ke ƙaruwa ba, har kaifin muryar da jan wasula. 'Yar wasanmu ta yi maganarta janareta na ruri, saboda haka wuyanta da bakinta a hoton na mai ɗan ɗaga murya ne. A ɗaki mai shiru za ta sassauta, sai murya ta saɓa wa fuska. Ƙara wa sautin ƙarfi a na'ura ba ya gyara wannan, raɗa mai ƙarfi kawai zai bayar. Maganinsa a sa mata tsohon sautin a abin ji na kunne, da janaretan da komai, ta ji yanayin da ta yi magana a ciki. A kuma kunna mata maganar uban da ta gabata, domin amsa take bayarwa. Darakta ya zauna kusa da ita ya ce, "Hajiya, tuna fa mahaifinki ne ke tuhumarki," ya fi amfani da ya ce ta ƙara sauri ko ta rage.

Yadda ake shigar da ita kan lokaci sananne ne. Ana sa ƙara uku a jere da tazara iri ɗaya, ɗit, ɗit, ɗit, sai ta fara magana a inda ta huɗu za ta faɗo. Wasu 'yan wasa sun fi ganewa da kallon bakinsu a allo, wasu kuwa sun fi kyau idan aka kunna musu jimlar suka saurara, aka tsayar, suka maimaita nan take kamar mai biya karatu. Hanya ta biyu takan fi dacewa da wanda bai saba ba, domin kunne ya fi ido kama kari da saurin magana. Ana ɗauka sau da dama, jimla ɗaya-ɗaya, a ajiye duka.

Yanzu sai daidaita baki. Fim ɗin da aka ɗauka a firam 25 cikin daƙiƙa, kowane firam ɗaya daga cikin kashi 25 ne na daƙiƙa, wato milisakan 40. Ido ba ya yi wa saɓani adalci iri ɗaya ta ɓangarorin biyu. Mun saba ganin abu kafin mu ji shi, tunda sauti na tafiyar kimanin mita 340 ne kawai a daƙiƙa. Wanda ke kallon mai faskare daga nesa yakan ga gatari ya sauka kafin ƙarar ta iso. Saboda haka muryar da ta makara da firam biyu takan wuce ba a lura ba, amma wadda ta riga baki da abin da ya ɗan haura firam ɗaya takan fara damun mai kallo. In dole a yi kuskure, gara a makara.

Ba kowane harafi ake bi ba. Ido na kama wuraren da leɓɓa suka haɗu, wato b da ɓ da m, sai f wanda Hausawa da yawa ke furtawa da leɓɓa biyu, ba leɓe da haƙori ba. A jimlarmu leɓɓa na rufewa sau biyar: biyu a "Baba", ɗaya a "ba" na farko, ɗaya a farkon "Malam", sannan ɗaya mai ɗan tsawo inda ƙarshen "Malam" ya haɗu da "ba" na ƙarshe. A "filin" kuma suna matsowa kusa. Waɗannan su ne turakun da edita zai ɗaure jimlar a kansu. Abin da ke tsakani, irin su "ni na sayar da", harshe ne ke aikinsa a cikin baki, ido ba ya ganin komai sosai, kuma nan ne ake da sararin motsi.

A ce tsohuwar jimlar ta ci firam 60, sabuwar da darakta ya fi so ta ci 65. Edita zai jera zanen sautin biyu, tsoho a sama sabo a ƙasa, domin ko cikin ƙarar janareta ana iya hango inda kowace gaɓa ta fashe. Ya daidaita "Ba" na farko, sai ya ga "Baba" ya zauna daidai, amma ta ɗan daɗe a shirun da ke bayansa, firam uku fiye da na asali. Wannan shiru ne, yanke shi ba ya cutar da kowa. Saura firam biyu, waɗanda suka bazu cikin "ni na sayar da". A nan zai matse wannan yanki kaɗan da manhajar da ke rage tsawon sauti ba tare da ta sauya kaurin murya ba. Matsi kaɗan ba ya jin ciwo, amma idan ya yi yawa murya takan fara rawa da ƙarar ƙarfe, kuma a lokacin gara a ɗauko rabin jimlar daga wani ɗaukan. Akwai manhajoji irin su VocAlign da ke auna sabon sauti da tsoho su daidaita su da kansu, suna kuma rage wahala, amma sai an bi bayansu da kunne. Dalili kuwa ya shafi harshenmu kai tsaye: tsawon wasali a Hausa yana rarrabe ma'ana. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi, tsawon wasalin farko ne kawai ya raba su. Editan da ya rage firam biyu daga dogon wasalin "filin" don ya cike lissafi zai sami baki ya dace, amma kalmar ta fito kamar daga bakin baƙo. A yanka a shiru da numfashi, a bar wasula yadda mai harshe ya ja su.

Duk wannan an yi shi daidai, a kunna fitowar, sai a ji wani abu bai zauna ba. Uban ya gama magana, 'yar ta buɗe baki, sai duniya ta ɗauke ɗif, ta gama, duniya ta dawo. A ganina nan ne ainihin aikin yake, kuma nan aka fi sakaci. Babu ɗakin da yake shiru na gaskiya. Kowane wuri yana da ɗan sautinsa na ƙasa-ƙasa: iska a taga, motoci daga nesa, firji a ɗaki na gaba, har da ɗan huci na na'urar ɗaukar kanta. Masu sana'ar na kiransa rum ton, wato sautin ɗaki. Kunne ba ya lura da shi yana nan, amma yana lura nan take idan ya ɓace. Da aka cire tsohuwar jimlar, an cire ta ne tare da sautin ɗakin da ke ƙarƙashinta, sabuwar kuma ta zo daga wuri marar sauti, sai aka bar rami. Mai kallo ba zai iya faɗin abin da ya faru ba, zai dai ji cewa an taɓa wurin.

Shi ya sa a lokeshin mai ɗaukar sauti yakan roƙi kowa ya tsaya cik na daƙiƙa talatin zuwa minti ɗaya bayan an gama fitowa, makirufo na inda yake, fitilu na kunne, mutane na wurarensu, ya ɗauki shirun. Dole a yi shi kafin a kwashe kaya, domin ɗakin da mutum goma ke ciki ba ya amo irin na ɗakin da ba kowa. Minti ɗayan nan shi ne ƙyallen da tela ke ajiyewa daga yadin riga: ranar da ta yage, da shi kaɗai za a yi facin da ba a gani.

A misalinmu sautin da ake bukata shi ne na kafin janareta, wanda ke ƙarƙashin maganar uban. Idan an ɗauke shi, sai a shimfiɗa shi a layi na daban a ƙarƙashin sabuwar jimlar, ya fara kafin a yanke tsohon sauti, ya wuce bayan an dawo da shi, a narkar da bakin kowanne cikin ɗan'uwansa a tsawon 'yan firam. Ƙarfinsa kuma a daidaita shi da kunne har sai an kasa gane inda aka shiga da inda aka fita. Idan ba a ɗauka ba, wanda shi ne abin da aka fi tararwa, sai edita ya shiga farauta cikin ɗaukan uban: rabin daƙiƙa tsakanin jimla da jimla, daƙiƙa ɗaya kafin darakta ya ba da umarnin farawa. Ya tsinto su ya jera, ya cire duk wanda ke da numfashi ko motsin kujera. Haɗarin guntu gajere shi ne maimaici. In akwai ɗan ƙwas ko carar zakara daga nesa a ciki, aka yi ta maimaita guntun, kunne zai kama shi yana dawowa a kan kari. Dabarar da aka saba ita ce a kwafi guntun a juya shi baya, a jera na gaba da na baya bi da bi, mahaɗarsu ba ta yin tsalle. Abin da ba ya aiki shi ne ɗauko shirun wani gida, ko na falon nan da dare alhali da rana aka yi wasan.

Bayan ramin, sai amon bango. Muryar uban tana bugun tayil da siminti tana dawowa, tana barin ɗan wutsiya bayan kowace kalma. Ta 'yar kuwa a bushe take, kamar a cikin kunnen mai kallo take magana. Ana ƙara mata amo da manhaja, kuma ma'auni shi ne muryar uban: a saurari ƙarshen kalmominsa, a ji tsawon wutsiyar, a nemi irinta. Kusan kullum abin da ake bukata bai kai yadda hannu ke so ya zuba ba. In har an ji amon a matsayin amo, ya yi yawa. Ɗakin ƙasa mai tabarmi da labule kusan ba ya mayar da komai, zauren siminti marar kaya kuwa yana mayarwa sosai. Wanda ya yi tanadi yakan tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, ko ya fasa balan-balan a lokeshin ya ɗauka, domin akwai manhajojin da ke karɓar wannan su kwaikwayi amon ɗakin da shi. Akwai kuma hanyar da Walter Murch ya shahara da ita tun aikinsa a American Graffiti na 1973: a kai sautin wuri na gaske, a kunna shi ta lasifika, a sake ɗaukarsa da makirufo daga nesa. Ga mai aiki a Kano wannan hanya ce mai araha. In falon na samuwa, a koma da lasifika mai kyau lokacin da unguwa ta yi shiru, a ajiye ta inda 'yar ta durƙusa, a ɗauka, sannan a gauraya kaɗan daga wannan da busasshiyar muryar. Daga nan sai gyaran launin murya: a rage kaurin ƙasa idan ya fi na asali, a daidaita kaifin sama, ana kwatantawa da wata jimlar tata mai kyau daga wannan fitowar ko makamanciyarta.

Saura abu ɗaya da ake mantawa. Tsohon sautin ba murya kaɗai ya ɗauka ba. A cikinsa akwai jan numfashinta kafin ta ce "Baba", da motsin mayafi, da ƙarar awarwaro lokacin da ta ɗaga hannu. Duk sun tafi tare da janareta. Idan ido ya ga awarwaro na motsi kunne bai ji komai ba, ramin ya dawo ta wata ƙofa. Sai a sake yin su ɗaya-ɗaya a gaban makirufo ana kallon hoton, numfashin kuma a roƙi 'yar wasa ta bayar da shi tun a ranar ɗauka.

Gwajin aikin ba ya bukatar na'ura mai tsada. A rufe ido a saurari fitowar daga farko. In an iya nuna inda sabuwar jimla ta shiga, da saura. A ƙara sauti sosai a abin ji na kunne a saurari shirun da ke tsakanin maganganu, domin nan rami ke ɓuya. A kunna a lasifikar waya, tunda a nan yawancin masu kallo za su gani, kuma ƙaramar lasifika na zubar da kaurin ƙasa ta fito da bambancin kaifi fili. Sannan a kira wanda bai san inda aka yi gyara ba, a ce ya nuna. Idan jimla ɗayar ta ƙi zama duk da haka, wani lokaci mafita ita ce a sake ɗaukar duk maganganun 'yar a wannan fitowa, domin kunne ya fi saurin kama murya da ke sauya kama a tsakiyar hira fiye da wadda ta tsaya a kama ɗaya tun daga farko.

Akwai inda ni ba zan goyi bayan sauyawa ba. Idan kuka na gaske ya kama 'yar wasa a ranar, muryarta ta karye a kan "Malam", da wuya ta sake samun wannan bayan wata guda a gaban allo. Matuƙar ana jin kalmomin, gara a rage janaretan iya yadda zai ragu, a shimfiɗa ɗan kaɗan daga rurinsa a ƙarƙashin ɓangaren uban ma, ya zama fitowar gaba ɗaya a gidan da maƙwabci ke da janareta take. Mai kallo a Kano ba zai yi mamakin wannan ba. Kuma da a ranar ɗauka, da jin janareta ya tashi, mai sauti ya ja 'yar wasan zuwa ɗaki na ciki ko ya jira a kashe injin, ta maimaita jimlar sau uku ba kyamara tun hawayen bai bushe ba, da editan ya sami muryar wannan yinin da makirufon wannan yinin, abin da zai rage masa kawai shi ne ɗaure turakun leɓɓan nan biyar.